Ta Ina Zan Fara? Zaɓen Tsarin Jawabi

A zangon karatu na biyu na bara, ƙungiyarmu ta muhawara ta zaɓe ni in yi jawabi a taron iyaye da malamai. Abin da ake nema a fili yake. Iska ta yaye kwanon azuzuwa biyu da ke gabashin makaranta, rairayi kuma yana shigowa har bakin tagogi, don haka muna son iyaye su taimaka mu dasa itatuwa su zama kariya. Aka ba ni minti goma. Iyayen nan wasu daga Isa suka zo, wasu daga ƙauyukan Sabon Birni, kuma da yake hanya ba ta da lafiya, kowa yana son ya kama hanyar gida kafin la'asar.

Na yi kwana huɗu ina shiri. Na ce a raina, ai magana daga tushe ake ɗauko ta. Sai na fara da Alƙalawa da zamanin Bawa Jan Gwarzo, na bi ta faɗuwar birnin a 1808, na zo yaƙin Gawakuke na 1836, da niyyar in gangaro a hankali in nuna yadda daji ya yi ta raguwa har zuwa yau. Ina tsakiyar farin 1973 shugaban taro ya buga ƙararrawa. Ko kalmar "dashe" ban kai ga furtawa ba. Wani dattijo da ke zaune a gaba ya gyara rawaninsa ya ce, "Yaro, labarinka da daɗi. To, mi kaka so mu yi?" Aka yi dariya, aka wuce zancen kuɗin jarrabawa. Ranar ko sisi ba mu samu ba.

Washegari malaminmu na Hausa ya kira ni. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya ce, "Duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amsar tambayar da ba a yi maka ba ce ka bayar." Abin da na koya daga nan shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai, domin kowannenmu wata rana zai tsaya gaban jama'a.

Hanyoyin jera magana da muka fi amfani da su guda uku ne. Akwai bin lokaci, wato a fara da abin da ya fara faruwa a bi har ƙarshe. Akwai matsala da magani, wato a nuna ciwon, a nuna abin da ya kawo shi, sannan a ce ga yadda za a yi. Akwai kuma kwatanci, inda ake ajiye abu biyu gefe da gefe a auna su. Ba wanda ya fi wani a cikinsu, kuma ba kan magana ne yake zaɓa maka ba. Tambayar da ke cikin zuciyar mai sauraro ita ce take zaɓa. In tambayarsa "yaya aka yi?" ce, ka bi lokaci. In "me za mu yi?" ce, ka ba shi matsala da magani. In kuwa "wanne ya fi?" ce, ko "ina bambancin?", sai kwatanci. Dattijon nan ya faɗa mini tambayarsa da bakinsa, sai dai bayan aikin gama ya gama.

Malam ya nuna mini wata dabara mai sauƙi ta gwada tsari kafin ranar taro. Ya sa na yanka takarda gida-gida, na rubuta kowane batu a kan guda, na jera su bisa tebur. Ya ce in musanya wurin biyu daga ciki in gani ko magana za ta lalace. Na ɗauki takardar Gawakuke na sa ta bayan ta farin 1973. Game da tarihi abin ya zama shirme, amma game da roƙon itatuwa ba abin da ya canja. Na cire ta gaba ɗaya, roƙon yana nan yadda yake. Nan na gane cewa rabin jawabina kaya ne kawai na ɗora wa jaki. Sai ya ce in duba kalmomin da na haɗa sassan da su. Duk "sannan" ne da "bayan haka" da "sai kuma". Wanda yake son mutane su sa hannu a aljihu, in ji Malam, "saboda" da "don haka" ya kamata su yi yawa a bakinsa.

Kada wani ya ɗauka bin lokaci ba shi da amfani. Wata biyu bayan haka na yi amfani da takardun nan da na cire, a taron ƙungiyar tarihi, inda aka tambaya me ya sa ake da Sarkin Gobir a Tsibiri ta Jamhuriyar Nijar, ga kuma wani a Sabon Birni. Wannan ba ta amsuwa sai da lokaci. Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Sarki Yunfa ya mutu a wurin. Gobirawa suka ci gaba da yaƙi har aka ci su a Gawakuke a 1836, bayan haka aka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya rabu da na Tsibiri ya zo ya kafa Sabon Birni, sannan iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta bar gari ɗaya can, ɗaya nan. Ka musanya biyu daga cikin waɗannan ka gani, labarin ba zai tsaya ba, domin kowane mataki shi ya haifi na gaba. Wannan ita ce alamar cewa lokaci ne tsarin da ya dace. Hatsarinsa ɗaya ne, kuma na ɗanɗana shi: abin da ya fi muhimmanci yakan zo a ƙarshe, ƙararrawa kuwa ba ta jira.

Da zango na uku ya zo, aka sake ba ni minti goma a gaban iyaye. Na auna karatuna da agogo, na ga shafi ɗaya na littafin rubutu yana cin minti biyu in ban yi sauri ba. Ashe shafi biyar kacal nake da shi, alhali wancan karon tara na rubuta. Ga yadda na raba su.

Matsala na ba ta shafi ɗaya. Iyayenmu manoma ne, ba wanda zai koya musu cewa hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, ko cewa iskar hunturu tana kwashe ƙasa. Na dai nuna musu azuzuwan da hannu, na ce ɗaliban aji biyu sun koma karatu a gindin bango. Mai magana da yawa a nan yake ɓata lokacinsa, yana ta bayyana wa mutane ciwon da su suka fi shi saninsa. Shafi na biyu na ba wa dalili, kuma shi ne ƙashin bayan tsarin. Na ce shekara biyu da suka wuce ɗalibai sun dasa itatuwa 60, saura 11 a raye. Ba fari ne ya kashe su ba. An dasa su a ƙarshen Satumba ruwa yana ɗaukewa, ba a yi musu shinge ba, da aka tafi hutu awaki suka cinye. In ka tsallake dalili, maganinka zai zo kamar an jefo shi daga sama, kowa ya ce ai an taɓa yi bai yi ba.

Sauran shafi uku duk na magani ne. A dasa darbejiya a watan Yuli, lokacin da damina ta zauna. A yi layi biyu a gefen gabas, tsawon mita 120, a bar mita 4 tsakanin kowace da 'yar'uwarta, wato kimanin itatuwa 60. Kowace a kewaye ta da ƙaya. Sai a ɗauki mutum ɗaya daga cikin gari ya riƙa ban ruwa lokacin hutu da rani na farko. Don kada a ce mafarkin ɗan makaranta ne, na kawo misalin kwarin Majiya a jihar Tawa ta Nijar, inda tun 1975 aka fara dasa layukan darbejiya don kare gonakin gero daga iska. Kowane sashe na magani na ɗaure shi da dalilinsa: Yuli saboda Satumba, ƙaya saboda awaki, mai ban ruwa saboda hutu. Na ƙare da roƙo guda: kowane gida ɗaya ya ɗauki nauyin shingen itace ɗaya.

Kwatanci ma ya shigo, amma ɗan ƙarami ne a cikin magani. Na san wani zai ce me ya sa ba turare ba, tunda yana saurin tsawo kuma ana samun azara. Sai na riga shi. A nan akwai hanya biyu. Kana iya faɗin duk abin da ka sani game da darbejiya, sannan ka koma kan turare. A rubuce wannan ba laifi, don mai karatu yana iya komawa baya ya duba. Kunne kuwa ba ya komawa baya. Kafin ka gama na biyu an manta na farko. Saboda haka na ɗauki ma'auni ɗaya-ɗaya. Wajen ruwa, darbejiya tana jure tudu da rairayi, shi kuwa turare ya fi son inda ruwa yake kusa. Wajen gara, dashen turare ya fi shan wahala. Wajen tare iska, darbejiya tana da faɗin kai da duhun ganye, turare kuwa sama yake tafiya. Ma'auni uku na tsaya, domin fiye da haka ba ya zama a ka. Abin da ke ɓata kwatanci shi ne a auna ɗaya da mudu, ɗaya da tiya, a yabi wannan don inuwa a kushe wancan don tsada, ba a faɗi inuwar wancan ko kuɗin wannan ba. Masu muhawara a cikinmu suna yawan yin haka, kuma abokin hamayya mai wayo nan take yake kama su.

Ni a ganina, da kwatancin na mai da shi dukan jawabin, da na sake faɗuwa. Iyaye ba su riga sun yarda a dasa komai ba, balle a tsaya zaɓen iri. Kwatanci yana aiki ne bayan mutane sun yarda za a yi, saura wanne. Da masu kula da lambun makaranta nake yi wa magana, to da shi zan fara.

Na gama da saura minti ɗaya. Dattijon nan yana nan a wurinsa na dā. Ya tambaya ko ƙayar bagaruwa za ta yi, ko sai ta magarya. Na ce duk wadda ta samu. Ya ce a rubuta masa itace uku, ɗansa zai kawo ƙayar a amalanke ran Laraba.