Gyaran hoto: Ina iyakar ƙara haske da ƙara ƙarya?

A watan Agustan 2006, lokacin yaƙin Isra'ila da Hizbullah, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fitar da wani hoton hayaƙi yana tashi a birnin Beirut bayan wani hari ta sama. Adnan Hajj ne ya ɗauke shi.

Ba a jima ba masu lura suka ga wani abu: curin hayaƙin yana maimaita kansa, siffa ɗaya a wurare daban-daban. Hayaƙi kuwa ba ya tashi iri ɗaya sau biyu. Ashe an kwafi wani ɓangarensa ne an manna a gefe, aka kuma ƙara masa duhu.

Hajj ya ce ɗigon ƙura yake ƙoƙarin gogewa. Sai dai an sake gano wani hotonsa na jirgin yaƙin Isra'ila, inda tartsatsin wuta ɗaya da jirgin ya saki ya koma uku. Reuters ya raba gari da shi, ya janye hotunansa 920 daga rumbunsa.

Abin lura shi ne harin ya faru, hayaƙin ma na gaske ne. Laifin hoton shi ne ya nuna ɓarna fiye da yadda kyamara ta gani.

A nan ma'aunin yake. Ƙara haske kaɗan ko daidaita launi yana fito da abin da kyamara ta riga ta ɗauka. Amma da zarar an ƙara wani abu, ko an cire, ko an matsar da shi, hoton ya daina zama shaida. Shi ya sa edita mai hankali ke neman asalin hoton, ya ajiye shi gefe da wanda aka gyara, ya faɗaɗa su, yana neman siffar da ta maimaitu, ko layin da ya karye, ko inuwar da ta saɓa wa hasken wurin.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun ƙara dagula lamarin, domin idan suka "wanke" hoto mai dishi-dishi, ba tono abin da ya ɓoye suke yi ba, hasashe suke su cike giɓin. A 2024 wani alƙali a jihar Washington ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon waya da aka gyara ta wannan hanya a wata shari'ar kisa, saboda abin da manhajar ta zata ne ake gani, ba lallai abin da ya faru ba.

Haka batun yake a hoton fasfo. Aikinsa shi ne a gane mai shi. Idan aka goge tabo ko tsagar gado, ko aka rage faɗin fuska, hoton zai yi kyau, amma ba fuskar da jami'i zai gani a gabansa ba ke nan.