Funfuna a Akwatin Tufafi: Tun Daga Igiyar Shanya Ake Tare Ta

A watan Agusta, lokacin da marka ta kankama a Kano da Zariya, rana kan yi kwanaki ba ta fito da ƙarfi ba. A nan ne ake buɗe akwati a tarar da shaddar Sallah ta yi ɗigo-ɗigo baƙaƙe, warin danshi yana tashi. Wannan aikin funfuna ne. Ƙwayoyinta suna yawo a iska kullum, laima kawai suke jira. Kwana ɗaya zuwa biyu a jikin jiƙaƙƙen yadi ya ishe su fara tsiro, musamman idan laimar iskar ɗaki ta haura kashi 70 cikin ɗari.

Yawancin ɓarnar tun daga wanki take farawa. Ɗauki babbar riga mai aiki a wuya. Jikinta kan bushe da wuri, amma wurin aikin da aljihu da lanƙwasar ɗinki suna riƙe ruwa. Mai guga ya yayyafa mata ruwa, ya ninke ta da ɗuminta, ya zura a leda. Tururin da ya rage ba shi da mafita, ga kuma sitaci, wanda abinci ne ga funfuna. Don haka a taɓa wurin aikin da bayan hannu. In an ji sanyi-sanyi, ba ta bushe ba. A cire ta daga leda, a rataye ta ta sha iska har ta huce. Rigar da za ta daɗe a ajiye kuwa, gara a wanke ta ba sitaci, a bari sai za a saka.

Sai mazaunin akwatin. Bango da daɓe suna tsotso ruwa daga ƙasa da damina, shi ya sa kayan da ke can ƙasan akwati ko bayan sif suke fara lalacewa. A ɗora akwati kan katako ko bulo, a janye shi kamar taƙi guda daga bango, kada kuma a danƙara kaya. Duk ranar da rana ta buɗe, a buɗe taga da murfin, a shanya na ƙasa-ƙasan. Busasshen gawayi a ƙulle cikin tsumma yana rage wari, amma ba zai iya da ɗakin da rufinsa ke yoyo ba.

Turaren wuta rufe warin yake yi na ɗan lokaci, funfunar na nan tana ci. Kafur kuma ƙwari yake kora, ba ya busar da komai, kuma haɗari ne a kayan jarirai.

Idan tabon ya riga ya fito, a kakkaɓe shi a waje don kada a shaƙa, musamman gidan da ke da mai asma. A jiƙa rigar awa guda a bokitin ruwa da kofi ɗaya na farin finiga, a wanke da sabulu, a shanya a rana. Farin yadin auduga ne kaɗai ake sa wa bilic, kuma kada a taɓa haɗa shi da finiga, domin iskar da suke fitarwa guba ce.