Takardar Da Mai Gyara Ya Maƙala A Kwamfuta

Mai gyaran kirki ba ya miƙa kwamfuta da baki kawai. Ga irin takardar da yake haɗawa:

“Hajiya, faifan ajiya ne ya lalace, shi ya sa take daskarewa. Na sa sabo, na sake ɗora Windows 11 da Chrome. Na ceto babban fayil ɗin Documents, amma hotunan da ke Desktop sun salwanta. Kada ki jefar da tsohon faifan, kuma kada a sake kunna shi. Ki shiga Chrome da asusunki na Google; idan kin kunna Sync a baya, kalmomin sirrinki za su dawo.”

Gargaɗin faifan nan ya fi komai nauyi, domin kowace kunnawa na iya ƙara lalata abin da ƙwararru za su iya cetowa.