Takardar Harajin da Ta Koya wa Mai Shago Rubuta Ciniki

Wani mai shagon kayan masarufi a Kano ya shafe shekaru yana riƙe lissafinsa a ka. Yakan saro shinkafa da taliya da man gyaɗa a Kasuwar Singa, ya sayar a unguwa, ya cire na cefane daga durowa ba tare da ya rubuta ko sisi ba. Ran nan sai ga jami'an haraji na jiha da takardar da ta ɗora masa kuɗin da, in zai biya, sai ya karyar da rabin kayan shagon.

Asusun bankinsa suka duba, suka ga naira miliyan 18 sun shiga cikin shekara guda. Doka ta ba hukuma damar yi wa ɗan kasuwa ƙiyasi idan bai da rubutaccen lissafi, amma ta ba shi kwana 30 ya ƙalubalanci ƙiyasin a rubuce. Harajin kuɗin shiga kuwa a kan riba ake yanka shi. Matsalarsa ita ce ba shi da abin da zai nuna ribar tasa da shi.

Wata 'yar ƙanwarsa da ta karanta akanta ce ta zauna da shi, suka bi bayanan bankin layi-layi. Miliyan 4 ashe wansa ne ya turo don ginin gida, miliyan 2 kuma kuɗin adashi ne da yake riƙe wa abokai. Cinikin gaskiya miliyan 12 ne. Suka tattaro rasit ɗin da ɓera bai ci ba, dillalan Singa suka taimaka da kwafin nasu, aka ga kayan da ya sayar sun ci miliyan 10 da dubu 200. Haya da dako da albashin yaron shago suka lashe dubu 600. Ribar da ta rage miliyan 1 da dubu 200 ce, kuma a kanta aka sake yanka masa haraji.

"Kawu, daga yau ko maggi ka ɗauka za ka kai gida, rubuta shi," in ji ta.

Yanzu asusun shago daban, nasa daban. Littafi ɗaya na cinikin kullum ne, ɗaya kuma na masu cin bashi, da suna da rana. Kowane dare yana ƙirga kuɗin durowa ya haɗa da na POS, ya gwada da littafi; in suka saɓa, to an manta rubuta wani abu ko an yi kuskuren canji. Ƙarshen wata yakan ƙirga kaya: na farkon wata a haɗa da wanda aka saro, a cire wanda ya rage, a san kuɗin abin da ya fita. A ƙirgen farko ya gano katan-katan na sabulu da suka yi watanni ba mai taya su, ya daina saro su.