Lokaci Umartau Bayan So, Bari da Ya Kamata

Lokaci umartau shi ne sigar da aikatau ke ɗauka idan aikin bai auku ba tukuna, ana dai buƙatar aukuwarsa. Wakilan sunansa su ne in, ka, ki, ya, ta, mu, ku, su da a. In aka cire in, dukansu gajerun wasula gare su, kuma da karin sauti na ƙasa ake furta su baki ɗaya.

Bayan so, bari da ya kamata, wannan siga ce ke biyo baya: ina so in tafi, bari mu ci abinci, ya kamata su dawo. Ko da maganar ta shafi abin da ya wuce, sigar ba ta canzawa: jiya na so in tafi.

A rubuce, ya, ta da ka na umartau suna kama da na shuɗaɗɗen lokaci, domin rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. Ana rarrabe su ta hanyar mayar da jimla jam'i. "Ina so ya zo" takan koma "ina so su zo". "Ina so sun zo" kuskure ne.

Wajen korewa, kada ko kar ake sakawa a gaba: ya kamata kada su makara.