Kafin ka zagi kamfanin intanet, danna Shift+Esc

Ƙorafin da na fi ji daga 'yan uwa ɗalibai a nan Greensboro, musamman na NC A&T da UNCG, shi ne "netwok ba kyau". Sau da yawa kuma intanet ɗin lafiyarsa lau, kwamfutar ce ta shaƙe.

Gwajin farko minti biyu ne. Ka ɗora wayarka da laftof a kan waifai ɗaya, a ɗaki ɗaya, ka buɗe fast.com a kowanne, ɗaya bayan ɗaya. Wani ƙanena ya kawo mini tasa yana shirin canza kamfani. Wayarsa ta nuna wajen megabit 200, laftof ɗin ma bai yi nisa da haka ba, amma shafi sai ya yi daƙiƙa goma kafin ya buɗe. To ka ga laifin ba na layi ba ne.

Ram ɗinsa giga 4 ne, ga tab 31 a buɗe. Chrome na raba shafuka da ekstenshan zuwa ayyuka daban-daban, kowanne da rabonsa na ram. Idan ram ya cika, sai Windows ya fara kwashe kaya zuwa faifai, wanda bai kai ram sauri ba ko kusa, balle tsohon hadis mai juyawa. Bayanan sun riga sun iso, kwamfutar ce ta kasa zana su. Kai kuwa da'ira kawai kake gani tana juyawa.

A cikin Chrome na Windows ka danna Shift+Esc, sannan ka taɓa Memory footprint don mai cin ram ya hau sama. A tasa, wani ekstenshan na neman rangwamen sayayya ne kusa da sama, don yana leƙa duk shafin da aka buɗe. Muka cire shi a `chrome://extensions`, muka rage tab zuwa shida, muka kunna Memory Saver a `chrome://settings/performance`. Shi ke nan, ta warware.

Ni dai ba na son a sa wani ekstenshan don ya kula da tab. The Great Suspender aikinsa ke nan, amma bayan ya canza hannu, Google ya cire shi a Fabrairun 2021 saboda muguwar manhaja a cikinsa.

Alamar bairos daban ce. Ka rufe burauza gaba ɗaya, ka danna Ctrl+Shift+Esc, ka duba CPU da Network. In fanka na ihu alhali ba ka komai, kuma wani suna da ba ka sani ba ne ke ci, akwai magana. Sai dai ka tabbatar ba Windows Update ba ne, shi ma yana haka. In ba shi ba ne, shiga Windows Security, Scan options, ka zaɓi binciken Offline na Microsoft Defender. Kwamfutar za ta sake tashi, binciken ya ɗauki kamar minti 15, don haka ka adana aikinka tukuna.