Wasiƙar barin amanar shuke-shuken tukwane ga maƙwabci

Shukar da ke cikin tukunya ba ta da inda za ta nemi ruwa sai 'yar ƙasar da aka zuba mata, domin saiwarta ba ta iya nutsawa ƙasa kamar ta bishiyar tsakar gida. Shi ya sa mai gidan da zai yi tafiyar wata guda yakan bar wa maƙwabci rubutacciyar takarda tare da makulli. Maganar baki a ƙofar gida ranar sallama ba ta cika wuce mako guda a ƙwaƙwalwa ba, takarda kuwa ana iya manna ta kusa da famfo.

A ɗauki misalin maniyyacin Kano da ya tashi aikin Hajji a 2025. Tsayuwar Arfa ta faɗo ranar 5 ga Yuni, don haka ya bar gida a watan Mayu, lokacin da zafin bazara kan kai digiri 40, ya dawo bayan damina ta fara sauka. Wasiƙarsa dole ta ɗauki yanayi biyu, kuma a nan ne yawancin irin waɗannan takardu ke gazawa.

Bayan sallama da gaisuwa, sai ranar tafiya da ranar da ake sa ran dawowa, da wurin da ruwa yake, tanki ne ko randa, da abin yi idan famfo ya ɗauke. Daga nan sai bayanin shukokin. Rubuta "a riƙa ba su ruwa kullum" kuskure ne, domin umarnin da zai raya na'a-na'a shi ne zai kashe kabar giwa, wadda ake kira alobera. Na'a-na'a da ɗaɗɗoya da barkono suna son ruwa kowace rana a bazara, musamman a tukunyar ƙasa, wadda ruwa ke tsattsafowa ta jikinta har ta riga ta roba bushewa. Alobera kuwa tana ajiye ruwa a ganyenta, sau ɗaya a kwana goma zuwa mako biyu ya ishe ta. Tun da ba kowa ya san sunayen ba, mai hikima yakan raba tukwanen gida biyu kafin ya tafi: masu ƙishirwa a inuwa kusa da ruwa, masu haƙuri a wani gefen.

Ma'auni ma a faɗe shi da abin da maƙwabci zai riƙe a hannu. Ga yadda sashen zai iya kasancewa: "Malam, don Allah tukwane shida na gindin bango a ba su ruwa bayan sallar asuba, rabin buta kowace, a zuba a hankali har ya fara ɗiga ta hujin ƙasa. Idan an yi ruwan sama, a dakata. A tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in da danshi a bar ta sai gobe."

Gwajin yatsan nan shi ne ginshiƙin wasiƙar, saboda yanƙwanewar ganye tana yaudara. Ganyen da ya langaɓe da tsakar rana ya miƙe da yamma lafiyarsa lau. Wanda ya langaɓe alhali ƙasa a jiƙe take, yana komawa rawaya, tukunyar tana tsami, saiwarsa ce ke ruɓewa don rashin iska, kuma ƙarin ruwa ƙarasa shi zai yi. Maƙwabci mai tsoron cin amana ya fi faɗawa wannan kuskuren, domin a ganinsa yawan ruwa shi ne yawan kulawa. Akasin haka shi ne ƙasar da ta bushe har ta janye daga jikin tukunya: ruwa zai bi ta gefe ya fice nan take, tsakiya na nan a bushe. Maganinta a tsoma tukunyar cikin baho mai ruwa na kusan rabin awa.

Sauran gargaɗin gajeru ne. A zubar da ruwan da ya kwanta a farantin ƙarƙashin tukunya, domin sauro na iya ƙyanƙyashewa ya girma a ciki cikin kwana bakwai zuwa goma. Kada a sa taki. A ja ƙofa saboda awaki da kaji.

A ƙarshen takardar akan sa lambar wani ɗan'uwa da ke cikin gari, wanda zai karɓi aikin idan uzuri ya taso wa maƙwabcin. Ya dace kuma a ba shi izinin tsinkar na'a-na'a da ɗaɗɗoya don shayi da miya, tun da tsinka kan sa su yi rassa, sannan a rubuta ƙarara cewa idan wata shuka ta mutu duk da ƙoƙarinsa, ba a riƙe shi da komai ba.